Labari Ɗaya, Wasiƙa Uku: Awon Magana a Wani Ofishi a Tamale

Bahaushe na iya neman takarda ɗaya ta hanyoyi da dama. Yana iya cewa, "Aiko min da rahoton gobe." Yana iya sassautawa ya ce, "Don Allah ka aiko min da rahoton gobe." Idan ya ƙara ja da baya sai ya mayar da umarnin tambaya: "Ko za ka samu damar aiko min da rahoton?" Idan kuwa wanda yake magana da shi babba ne, ko baƙo ne, sai a ji ya ce, "A taimaka a duba mana maganar rahoton nan idan an samu sarari." Duk buƙata ɗaya ce, amma wanda ya lura zai ga kowane mataki na ladabi yana cinye wani abu. A jimla ta uku "gobe" ta faɗi. A ta huɗu mai aikin ya ɓace cikin wakilin sunan nan "a" wanda ba ya nuna kowa, aikatau "aiko" kuma ya koma "duba", wanda ba ya tilasta wa kowa ya motsa. Tsakanin Hausawa biyu wannan ba asara ba ce, domin mai sauraro ya san yadda zai mayar da abin da aka cire. Matsalar tana tasowa ne idan takardar ta faɗa hannun wanda bai tashi cikin wannan al'ada ba, ko kuma idan aka aika da jimla ta farko ga wanda ya saba da ta huɗu.

Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta Ghana, gari ne da ake fuskantar wannan matsala kullum. Ƙasar Dagombawa ce, amma ana jin Hausa a Zango da kasuwar Aboabo, ana jin harshen Asantawa a bakin ma'aikatan da suka zo daga kudu, Turanci kuma shi ne harshen takarda. Ga Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992, ga cibiyar binciken noma ta Nyankpala, ga ƙungiyoyin agaji da kamfanonin sayen kaɗanya masu hulɗa da Turai. Auna lafazin wasiƙa kuwa ba baƙon ilimi ba ne a wannan yanki. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya wallafa littafin Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, domin fatake da malamai na zamanin cinikin goro sun san cewa yadda aka buɗe takarda yana iya buɗe ciniki ko ya rufe shi.

A wani ƙaramin kamfani mai sayen man kaɗanya daga ƙungiyoyin matan karkara yana sayarwa ƙetare, akwai wata sakatariya, Bahaushiya haifaffiyar Zangon Tamale. Tana jin Hausa da Dagombanci da Turanci, kuma kusan duk wasiƙar da za ta fita daga ofishin ta hannunta take bi. Wata ranar Litinin, a tsakiyar damina, sakamakon awo ya iso teburinta. Kamfanin ya yi alkawarin tan 12 na mai ga wani mai saye a Rotterdam ta ƙasar Holan, bisa sharaɗin kada tsamin man ya wuce kashi 3 cikin 100. Tan 8 sun cika sharaɗi. Tan 4 kuwa, waɗanda suka fito daga ƙungiya ɗaya a wani ƙauye da ke kan hanyar Savelugu, sun kai kashi 5. Dalilin sananne ne ga duk mai wannan sana'a: idan aka dafa ƙwallon kaɗanya ba a samu rana ta busar da shi sosai ba, sai ya yi fumfuna, man da aka tatsa daga gare shi kuma ya yi tsami. Ga shi an riga an kama mota za ta ɗauki kaya ranar Juma'a zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, sake haɗa tan 4 kuwa zai ci mako uku.

Mutum uku ne dole su ji wannan labari a ranar: jami'in duba ingancin kaya na kamfanin Holan, da magajiyar ƙungiyar matan, da wani Alhaji Bakano mai motocin haya wanda ya daɗe yana yi wa kamfanin dako. Idan mai saye ya ji an ɓoye masa, kwangilar baɗi ta tafi. Idan magajiya ta ji an ci mata fuska, ƙungiyarta za ta kai manta wurin wani, masu saye kuwa suna da yawa. Idan Alhaji ya ɓata rai, ba za a samu mota ba a lokacin da kowa ke neman mota.

Kafin ta rubuta wa kowa, al'adar sakatariyar ce ta jera abubuwa huɗu a gefen takarda: me ya faru, me ake so a yi, wa zai yi, kuma yaushe. Waɗannan su ne ƙashin saƙo, ba sa canzawa ko wa za a aika wa. Abin da ke canzawa shi ne naman da aka lulluɓe su da shi: tsawon gaisuwa, wurin da aka ajiye mummunan labari, wakilin sunan da aka zaɓa, da yawan kalmomin sassauci. Idan ta gama kowace wasiƙa sai ta koma ta nemi abubuwan nan huɗu a ciki da yatsa. Idan ɗaya ya ɓace, to ladabi ya ci saƙo, sai a sake.

Wasiƙar Rotterdam

Da Turanci ta rubuta wa Baturen, ga ma'anar abin da ta ce:

"Barka da rana. Tan 4 daga cikin tan 12 ba su cika sharaɗi ba: tsaminsu kashi 5 ne, yarjejeniya kuwa ta ce 3. Ba za mu aiko da su ba. Dalili shi ne ƙwallon bai bushe sosai ba saboda ruwan sama. Zaɓi biyu ne: mu aiko da tan 8 ranar Juma'ar nan, ko mu aiko da tan 12 cif bayan mako uku. Ina buƙatar amsarka kafin ranar Laraba da ƙarfe 12 na rana agogon Ghana, wato ƙarfe 2 agogonku, domin in sanar da mai mota. Takardar awo tana haɗe. Muna ba da haƙuri a kan jinkirin."

Wanda ya tashi a Zango zai ji wannan wasiƙa kamar an shiga gida ba sallama. Amma kowane abu a cikinta da dalilinsa. Ta sa mummunan labari a jimlar farko domin mai karatun yana neman dalilin wasiƙa ne a layin farko, idan ya ci karo da doguwar gaisuwa da yabon daɗaɗɗiyar hulɗa sai ya fara zargin ana shirya masa wata rufa-rufa. Ta ce "ba za mu aiko da su ba", ba ta ce "zai yi ɗan wuya a aiko da su ba", domin a kunnensa abu mai wuya abu ne mai yiwuwa idan aka ƙara ƙoƙari, alhali a kunnen Bahaushe "zai yi wuya" ita ce a'a sanye da babbar riga. Ta ba da haƙuri sau ɗaya tak, a ƙarshe, domin yawan ban haƙuri a wurinsa alama ce ta wanda bai san mafita ba. Ta kuma bar "in Allah ya yarda" a zuciyarta ba ta sa a takarda ba. A bakinta kalmar tabbatar da niyya ce tare da sanin cewa iko na Allah ne, amma wanda bai saba da ita ba yana iya ɗaukarta a matsayin ƙofar da aka bari a buɗe don zillewa.

Ladabin wannan wasiƙa yana nan, sai dai ya sauya mazauni. Ba a cikin gaisuwa yake ba, yana cikin ba wa mutumin zaɓi biyu, da lissafa masa bambancin agogo, da haɗa masa hujja tun kafin ya nema. A wurinsa girmamawa ita ce kada a ɓata masa lokaci, kada kuma a bar shi cikin duhu.

Amsarsa ta zo cikin sa'a guda, layi uku: "Na gode da bayani ƙarara. Muna son tan 12 bayan mako uku. Kashi 5 bai karɓu ba, kada ya sake faruwa." Wani matashi a ofishin da ya karanta ya ce Bature ya fusata. Sakatariyar ta nuna masa layin farko. Mutumin ya yi godiya, ya zaɓa, ya faɗi matsayinsa a kan man, bai taɓa mutuncin kowa ba. Da fushi yake, da an ga ya saka shugabansa cikin masu karɓar kwafin wasiƙar, ko ya ambaci sashen yarjejeniya mai magana a kan tara. Sanin yadda ake karanta magana kai tsaye ba tare da jin zafi ba rabin wannan fasaha ne.

Saƙon magajiya

Magajiyar ƙungiyar dattijuwa ce, ta haifi sakatariyar ta yi jika da ita. Sunan muƙaminta ma daga Hausa Dagombanci ya aro shi, kamar yadda ya aro "gafara" da "lafiya". Ba ta karanta boko, saboda haka sakatariyar ta fara rubuta saƙon a takarda, ta gyara shi, sannan ta karanta shi da Dagombanci cikin saƙon murya zuwa wayar magajiya, ba zuwa dandalin da dukan matan ƙungiyar ke ji ba. Ta fara da "Antire", gaisuwar rana wadda ake amsawa da "Naa", ta kira ta "Mma", wato uwata. Ga ma'anar sauran:

"Mma, yaya gida, yaya yara, yaya ruwa? Yaya gajiyar aiki? Manaja yana gaishe ku, yana godiya da ƙoƙarin da aka yi bana. Mma, 'yarki ce ta zo da magana. Ruwan bana bai bar mu mun shanya yadda muke so ba. An auna man da aka kawo, an ga ya yi tsami fiye da abin da masu saye za su karɓa, saboda haka wannan karon ba zai tafi ƙetare ba. Ba za mu bar ku da shi ba, akwai masu sabulu da za su saya, za mu zauna mu yi maganar farashi. Abin da muke roƙo shi ne a sake yi mana wani daidai yawan wancan cikin mako uku, da ƙwallon da ya bushe har yana kaɗawa a cikin ɓawonsa. Malamin gona zai zo ranar Alhamis da safe da tamfol na shanya. Mma, ku ne kuka san aikin nan tun kafin a haife mu. Idan mako uku zai yi kaɗan, a faɗa mana yau ko gobe, mu san abin da za mu gaya wa baƙi."

Abubuwan nan huɗu duk suna ciki: man bai karɓu ba, a sake wani, ƙungiyar ce za ta yi, mako uku. Amma a dubi inda aka ɗora laifi. Ruwa ne mai aikatawa a jimlar farko, kuma "mu" aka ce bai bari ba, ba "ku" ba. A jimla ta biyu "an auna", "an ga", "aka kawo": babu hannun kowa a jiki. Wannan "a" da ta zama illa a wasiƙar Bature ita ce magani a nan, domin ta raba aibin mai da mutuncin mai shi. Magajiya ta san sarai wa ya shanya ƙwallon. Ba ta buƙatar a faɗa mata, abin da take buƙata shi ne a bar mata hanyar da za ta tsaya gaban matan ta isar da labarin ba tare da ta zama wadda yarinya ta yi wa faɗa ba. A lacca da ya gabatar kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa gaskiya da kunya da ladabi da mutunci cikin siffofin da ake auna mutum da su. Saƙon nan ƙoƙari ne na riƙe ta farko ba tare da an saki sauran ba.

Akwai wuri ɗaya da sakatariyar ta ƙi sassautawa: "wannan karon ba zai tafi ƙetare ba." Da ta ce "akwai 'yar matsala da man" ta tsaya nan, da matan sun zauna jiran kuɗin farashin ƙetare, ranar biya kuma a yi rigimar da ta fi wadda aka guje wa. Ƙa'idarta ita ce a sassauta wa ya yi, kada a sassauta me ya faru.

Jimlar ƙarshe ita ma da aikinta. Dattijuwar da aka roƙa cikin girmamawa ba za ta ce a'a ba, za ta ce "to". Wannan "to" na iya nufin na yarda, tana iya nufin na ji kawai. Shi ya sa aka buɗe mata ƙofar faɗin cewa lokaci bai isa ba, aka kuma nuna cewa faɗin haka taimako ne ga 'yarta. Washegari amsa ta zo: ta gode, ta ji, amma ranar Alhamis akwai jana'iza a ƙauyen, malamin gona ya zo Juma'a, kuma mako ukun zai isa idan aka ƙara musu tamfol biyu. Amsar da ta zo da gyaran rana da sharaɗi ita ce shaidar cewa saƙo ya shiga. Da godiya da addu'a kaɗai aka samu, da sai a sake aikawa.

Wasiƙar Alhaji

Ana iya zaton wannan ce mafi sauƙi tunda harshe ɗaya ne, amma ita ta fi wuya. Hausar Zangon Ghana ta bambanta da ta Kano, har ba ta cika rarrabe jinsin namiji da mace ba, kuma ta fi ta Kano taƙaita zance. Abin da ya wuce lafiya tsakanin 'yan Zango biyu yana iya zama gatsali a kunnen dattijon Kano. Da amsar Rotterdam ta iso, ta rubuta masa cewa lodin Juma'a ya ɗaga zuwa mako uku, ta ba da haƙuri. Alhaji ya amsa da cewa ya ƙi wani aiki saboda su, don haka yana ganin ya kamata "a duba" lamarinsa. Ta fahimci cewa kuɗin tafiyar gaba ɗaya yake nema. Manaja kuwa ya ce abin da za a iya shi ne a bar masa kafin alƙalamin da aka riga aka ba shi, kuma a ba shi lodi na gaba. Aikinta ne ta ce a'a ga dattijo. Ga abin da ta rubuta:

"Assalamu alaikum. Alhaji, barka da yamma, ya iyali, ya kasuwa? Allah ya ƙara girma. Saƙonku ya iso, kuma gaskiyarku ce, an sa ku asara ba da laifinku ba. Na kai maganar gaban manaja yadda kuka faɗa. Abin da ya samu shi ne kafin alƙalamin da ke hannunku ya zama naku, ba za a cire shi daga kuɗin tafiya ta gaba ba, kuma lodin nan da mako uku, ranar Juma'a, naku ne ba na wani ba. Cikon kuɗin tafiyar da ba a yi ba kam, Alhaji, sai dai a yi mana haƙuri, ba zai samu ba. Mun san kun fi ƙarfin wannan, zumuncin da ke tsakani muke dubawa. Idan kun amince, a sanar da ni zuwa gobe da azahar in rubuta sunan motarku."

Ta kira shi da "ku" ko da yake mutum ɗaya ne. Ta amsa masa gaskiyarsa kafin ta hana shi buƙatarsa, ta kuma gabatar da abin da ya samu a kan abin da bai samu ba, akasin tsarin wasiƙar Bature. Sannan ta haɗa jimloli biyu kafaɗa da kafaɗa: "sai dai a yi mana haƙuri" domin kunne, "ba zai samu ba" domin lissafi. Da ta tsaya a kan "za mu gani" ko "bari dai a duba", da Alhaji yana da ikon dawowa bayan wata guda ya ce an yi masa alkawari. Ita kuma kalmar "kam" ta ware wannan buƙata ita kaɗai, ta nuna cewa ita ce aka hana, ba shi aka ƙi ba. Amsarsa ta zo da cikakkiyar gaisuwa da lambar mota. Da ya amsa da "To, madalla" tsurarta, ba gaisuwa ba lamba, da ta san akwai sauran aiki, kuma aikin ba na takarda ba ne, sai manaja ya taka da ƙafarsa zuwa garejin.

Yadda ake gane an yi kuskuren awo

Daga waɗannan wasiƙu ana iya fitar da alamomin da sakatariyar ke dubawa a kowace amsa. Idan an yi laushi fiye da kima, mai karatu yakan amsa gaisuwa ya bar buƙata, ko ya dawo da tambayar da aka ɗauka an riga an amsa, kamar "To kayan za su zo ko ba za su zo ba?" Idan kuwa an yi kaushi, alamar takan zo a kaikaice: gaisuwar mutum ta gajarce, ko ya yi shiru kwana biyu, ko amsarsa ta biyo ta bakin wani, ko ya koma kiran mutum da cikakken muƙaminsa bayan an saba da suna. Maganin na farko shi ne gajeren saƙo mai ɗauke da rana da adadi. Maganin na biyu ba ƙarin rubutu ba ne, murya ce ko ziyara, domin takarda ba ta ɗaukar murmushi, Hausawa kuwa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Masana sun daɗe suna nazarin wannan. Edward Hall, a littafinsa na 1976, ya bambanta al'ummomin da ke zuba ma'ana cikin kalma da waɗanda ke barin yawancinta a cikin yanayi da dangantaka. Penelope Brown da Stephen Levinson, a nasu na 1987, sun nuna cewa nauyin ladabi yana bin abu uku: nisan da ke tsakanin mutane biyu, da fifikon ɗaya a kan ɗaya, da girman abin da ake nema. Wannan ma'auni na biyu ya fi amfani a ofis, domin yana hana mutum ɗaukar ƙasa a matsayin hali. Ba duk Bature ne ke magana ƙeƙe-da-ƙeƙe ba. Wata Ba'ingiliya mai duba takardun kamfanin takan rubuta cewa "ƙila zai yi kyau a sake leƙa shafi na uku", abin da take nufi kuwa shafin ba daidai yake ba, a gyara shi. Wanda ya sa ta a kwando ɗaya da mutumin Rotterdam zai ɗauki umarninta shawara. Haka nan magajiyar da ake lallaɓawa daga ofis, idan tana magana da 'yan matan ƙungiyarta ba ta kwana-kwana, domin a can ita ce babba.

Idan sakatariyar za ta rubuta wa wanda ba ta sani ba, takan tsaya a tsakiya: gaisuwa layi ɗaya, buƙata ƙarara, dalili, rana, godiya. Sai ta jira amsarsa ta auna tsawon gaisuwarsa da inda ya ajiye maganarsa, ta daidaita ta biyu da tasa. Idan kuma wasiƙa ɗaya za ta je wa mutane da yawa masu al'adu dabam-dabam, takan rubuta ta a sarari ba tare da ambaton mai laifi ba, sannan ta riga ta sanar da duk wanda labarin zai taɓa mutuncinsa shi kaɗai, domin kada ya fara jin sa a gaban jama'a.

Akwai kuma iyaka. Abu uku ba sa shiga awon ladabi ko ga wa: adadin kuɗi, ranar alkawari, da duk abin da ya shafi lafiyar mutane ko ingancin kaya. Ana iya kewaye su da gaisuwa da addu'a gwargwadon girman mai karatu, amma su kansu sai an faɗe su da lamba da suna. Ga mai koyon rubutun Hausa, hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ya ɗauki labari ɗaya mara daɗi, ya rubuta shi sau uku: ga tsaransa, ga dattijo, ga baƙon da ba ya jin karin magana. Sannan ya miƙa kowace takarda ga wani ya tambaye shi abu huɗu: me ya faru, me ake so, wa zai yi, yaushe. Idan amsoshin takardun uku suka zo iri ɗaya, kuma babu wadda za ta sa mai karɓarta ya sunkuyar da kai, to awo ya yi daidai.